Cokali ɗaya a gefen faranti

Bayan magariba ne, ranar wata Laraba. Na yini a makarantar da nake koyarwa, na dawo da goyo a baya, na tsaya na yi dafa-duka da alayyahu da karas, har da busasshen kifi. Na zuba wa yarona, lokacin yana da shekara 2 da wata 8. Ya zauna a tabarma ya sa yatsu biyu yana tsince duk wani abu kore yana jerawa a bakin faranti. Da ya ga ganyen ya fi ƙarfin tsinta, sai ya ture farantin gaba ɗaya ya ce shayi zai sha. Na lallasa, na yi alkawarin alewa, na ɗauko murfin tukunya na buga a ƙasa don in tsorata shi. Daga ƙarshe na matse shi tsakanin ƙafafuna, na riƙe masa hannu, na tura masa cokali a baki kamar yadda na ga ana yi wa yara ɗura tun ina ƙarama. Ya ƙware, idonsa ya yi ja, ya yi ta tari, sannan ya amayar da abin da na ɗura da wanda ya ci tun da rana. Ina goge tabarmar ina kuka, shi ma yana kuka a bayan ƙofa, jaririyar ta farka ta kama nata.

Ɗan fari ne, don haka ba zan kira sunansa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaron nan da aka fara ba shi abinci yana wata 6 ba abin da ba ya ci. Faten dankali da alayyahu, kabewa, miyar taushe, duk yana buɗe baki. Yana cika shekara 2 sai ka ce an canza shi. Shinkafa fara da mai, taliya, burodi, tuwo da miyar kuka, shi ke nan duniyarsa.

Mako na zagayowa na kai ƙanwarsa rigakafi a ƙaramin asibitin unguwarmu, na tafi da shi. Da layi ya ragu na roƙi ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa mai haƙuri, ta duba mini shi. Ta ɗora shi a sikeli, kilo 13. Ta zagaya masa ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtse, ya tsaya a kore. Ta jawo fatar idonsa ta ƙasa ta duba, ta buɗe tafin hannunsa, ta danna bayan ƙafarsa da yatsa ta ga ko zai lotsa. Ta ce, "Malama, yaronki lafiyarsa ƙalau. Faɗa mini duk abin da ya shiga bakinsa jiya, tun daga asuba."

Na fara lissafi. Shayi da madara kofi guda da burodi da safe. Da na ajiye shi a sashen Hajiya, kakarsa, ta ba shi biskit. Can an jima awara daga maƙwabta. Lemon kwali guda. Taliya da rana, ya ci rabi. Da la'asar babansa ya shigo da cincin. Wajen ƙarfe biyar ya sake shan shayi da madara. Tun ban kai ƙarshe ba na ji kunya ta kama ni, domin ni kaina ban taɓa jera su haka ba. Ta ce, "To ina ganye zai samu wuri? Cikin yaro kamar wannan ɗan ƙarami ne. Kin cika shi da zaƙi tun kafin ki sauke tukunya."

Ta yi mini bayanin da har yau nake riƙe da shi. Jariri a shekararsa ta farko yakan ninka nauyin haihuwarsa kusan sau uku, shi ya sa yake cin duk abin da aka miƙa masa. Daga shekara 2 kuwa, abin da yaro yake ƙarawa a shekara guda bai wuce kilo 2 ba ko ɗan sama da haka. Girma ya lafa, ci ma sai ya ragu. A daidai wannan lokacin kuma gudun baƙon abinci yake tasowa, yakan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma ganye ne ya fi shan wahala saboda ɗan ɗacin da ke cikinsa, wanda harshen yaro ya fi namu jinsa. Ta ce bincike ya nuna yaro yakan buƙaci a gabatar masa da abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa, mu kuwa iyaye daga sau 3 ko 5 sai mu yanke hukunci cewa ba ya so. Game da ɗura ta ɗaure fuska. Ta ce abinci yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, kuma ko an tsira daga wannan, yaro zai haɗa ganyen da tsoro a ransa. Ta raba mana aiki gida biyu: ni ke da ikon abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Shi ke da ikon ko zai ci, da yawan da zai ci.

Wannan rabon bai kwanta mini ba da farko. A gidanmu aka tashe mu a kan cewa abin da aka zuba maka sai ka cinye. Amma hanyata ta riga ta kai mu ga amai, sai na ce bari in gwada tata.

Abu na farko bai ma shafi ganye ba, kuma shi ya fi wuya. Sai da na tsayar da lokutan ci guda biyar: karin kumallo ƙarfe 7, ɗan abin taɓawa ƙarfe 10, abincin rana bayan azahar, wani abin taɓawar bayan la'asar, na dare bayan magariba. Tsakaninsu ruwa kawai. Shayin yamma na soke shi. Na safe ma na mayar da shi kunun gyaɗa ko koko mafi yawan kwanaki, domin ma'aikaciyar ta gaya mini ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, wanda shi ke gina jini. Madara kuma ta ce kada ta wuce rabin lita a yini ga yaro irinsa, in ta wuce tana toshe masa ci.

Matsalar ita ce rabin yininsa a wurin Hajiya yake yi, kuma ita da jikanta sai Allah. "Angona" take ce masa, kuma angon nan ba ya neman abu a ɗakinta ya rasa. Ba zan iya tsayawa gaban surukata in ce ta daina ba shi biskit ba. Babansu na samu da daddare na zayyana masa lissafin da na yi a asibiti, har da nasa cincin ɗin. Shi ya je ya same ta. Abin da muka roƙa ba mai yawa ba ne: kada ta fasa ba shi, amma ta haɗa duk abin da za ta ba shi ta ba shi sau ɗaya, ƙarfe 10, daga nan sai abincin rana. Washegari da na je ɗaukarsa ta ce, "'Yar nan, ku dai yaran zamani komai sai da agogo. Amma na ji, zan riƙe masa." Ta riƙe kuwa, ban da ranar Juma'a da ranakun baƙi, ni ma ban ce komai a kan waɗannan ba.

Kwana huɗun farko ya yi rigima sosai. Yana bina kicin yana jan zanina yana kiran biskit. Amsa ɗaya na riƙe: "In an yi la'asar za mu ci." A rana ta biyar na ga abin da na daɗe ban gani ba, ya zo da kansa ya zauna a tabarma tun ban kira shi ba. Babansu ya ce tunda haka ne a bar shi da yunwa kawai, a ajiye masa ganye, in ta ci shi zai ci. Ban yarda ba. Yaron da aka ajiye wa abin da yake tsoro shi kaɗai, kwana zai yi da yunwa, ya tashi da ƙarin ƙiyayya. Kullum a farantinsa akwai abu ɗaya da na san yana ci. Abin da na daina shi ne tashi in sake ɗora wata tukunya in ya ƙi wadda aka yi.

Sannan na zaɓi abu ɗaya tak, ba ganyayyaki biyar a lokaci guda ba. Da karas na fara, saboda dalili biyu. Yana da zaƙi, ba shi da ɗaci. Kuma lokacin hunturu ne, watan Disamba, kayan noman rani sun cika kasuwar 'Yankaba, babansu yana biyowa ta can ranar Asabar ya sayo mana na mako da araha. In za ki yi ta zubar da ɗan abin da yaro ya ƙi, gara ya zama abin da ba zai ƙona miki rai ba.

Lokacin da na zaɓa shi ne bayan la'asar. Da daddare ya gaji, barci yana idonsa, ni ma haƙurina ya ƙare. Da la'asar kuwa ya tashi daga barcin rana, cikinsa ya sauka, ni kuma na yi salla na ɗan huta. Ina kankare karas guda ɗaya, in wanke, in yanka shi dogo-dogo kamar ƙaramin yatsana. Ba na yanka shi zagaye kamar kwabo, kuma ba na ba shi ɗanye a gutsure, domin ɗanyen karas mai tauri yana iya maƙale wa yaron da bai kai shekara 4 ko 5 ba a maƙogwaro. In akwai tukunya a wuta sai in ɗora gwagwa a kai in turara shi minti 8 zuwa 10, har in na matsa da yatsa biyu ya lotsa amma bai narke ba. Sanda biyu nake sa masa a gefen faranti, nesa da ƙosai ko dankalin da zai ci, kada su taɓa juna. Sauran na zuba a nawa farantin, in zauna kusa da shi in ci yana gani.

Sanda biyu, ba fiye ba. Na daɗe kafin in gane cewa tulin ganyen da nake zuba masa da can shi kansa abin tsoro ne. Ma'aunin da aka ba ni shi ne babban cokali ɗaya ga kowace shekara ta yaro, wato mai shekara 3 cokali 3 ya ishe shi a zama ɗaya, kuma wannan ga wanda ya riga ya saba ne. Wanda ake koya wa, ko cokalin shayi ɗaya ya isa.

Akwai kalandar da ke rataye a bayan ƙofar kicin. Duk ranar da na ajiye masa karas sai in ja ɗan layi da biro a kan ranar. Ba wai ranar da ya ci ba, ranar da na ajiye. Wannan kalandar ita ta riƙe ni, domin duk sanda zuciyata ta ce abin nan ba ya aiki, sai in ƙirga in ga ashe sau 4 kawai na yi.

Sau na 1 zuwa na 3, kallo ɗaya ya yi masa ya ce in cire. Na ce, "Ba dole ka ci ba, bar shi nan." Na 2 ma jifa ya yi da shi. Na ɗauke ban ce uffan ba, kodayake raina ya ɓaci. A na 4 na sa masa wani ɗan murfi a gefe na ce abin da ba ya so ya ajiye a ciki, jifa ya ƙare daga ranar. Na 5 da na 6 ya bar shi a farantin ya ci ƙosansa, ko kallonsa bai yi ba. A na 7 na kawo garin ƙuli-ƙuli marar yaji da na kwaɓa da ɗan man gyaɗa a ƙaramin kofi, ina dangwala nawa ina ci. Ya ɗauki sanda ɗaya ya dangwala, ya lashe ƙulin tas, ya ajiye karas ɗin a murfi. Haka ya yi ta yi har na 9, karas ya zama masa cokali. A na 10 haƙorinsa ya gutsuri kaɗan, ya tauna sau biyu, ya tofar a hannuna. Da can da na ce ya yi ɓarna. Yanzu na san tofarwa ma ci gaba ce, domin harshe ya ɗanɗana, kuma ya ga cewa in bai so ba yana da hanyar fita. Yaron da ya san za a bar shi ya tofar ya fi saurin yarda ya sa abu a baki.

A na 11 zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana 6 ban ajiye masa komai ba sai abin da ransa yake so, kunu da ruwa da lemon zaƙi. Da ya warke muka koma kamar ba a taɓa yi ba, ya ce in cire. Na ji kamar in haƙura a ranar. Amma komawar ba ta daɗe ba, a na 13 ya koma lasar ƙuli, a na 14 ya cinye sanda guda yana kallon tantabarun maƙwabta a kan katanga, bai ma san ya ci ba. Na kau da kai na ci gaba da ba jaririya nono. Ban yi tafi ba, ban kira babansa ya zo ya gani ba, domin na lura in aka yi masa shewa a kan abinci sai ya tsargu ya ajiye. Daga layin farko zuwa na 14, mako 5 ne da 'yan kwanaki.

Man gyaɗan nan ba don daɗi kawai ba ne. Sinadarin bitamin A da ke cikin karas da kabewa da ganye mai duhun kore sai da maiƙo jiki yake iya ɗaukarsa sosai. Iyayenmu da suke kwaɗa zogale da ƙuli da mai, ko su sa gyaɗa a miyar taushe, sun riga sun yi daidai.

Na yi kuskure biyu a tsakiyar wannan aiki, kuma na biyun ya ja mini asara. Na farko alewa ce. Wata rana da na gaji na ce in ya ci sanda ɗaya zan ba shi. Ya haɗiye da ƙyar kamar magani, ya karɓi alewarsa, washegari ya miƙo hannu tun kafin ya zauna. Abin da na koya masa a ranar shi ne karas wahala ce, alewa ce lada. Sai da na yi kwana uku ina cewa babu kafin ya manta.

Na biyu, da na ga karas ya shiga sai na yi gaggawa. Yana son shinkafa da jar miya, sai na niƙa dafaffen zogale mai yawa na juye a ciki ban gaya masa ba. Miyar ta canza launi, ta yi duhu. Loma ɗaya ya yi ya ajiye cokali. Kwana 8 bai yarda ya ci jar miya ba, ko wadda ba komai a ciki, sai ya sa cokali yana tonawa yana dubawa. Abin da yake ci da yardarsa na mayar masa abin zargi. Ba na cewa kada a ƙara kayan lambu a cikin miya. Har yanzu ina niƙa kabewa ko karas tare da tumatir da tattasai, domin launinsu ɗaya kuma ba sa canza ɗanɗano, kowa a gidan haka yake ci, in ya tambaya kuma ina gaya masa. Amma wannan ciyarwa ce, ba koyarwa ba. Yaron da bai taɓa ganin ganye da idonsa ya ɗauka da hannunsa ba, ranar da aka ajiye masa kwaɗo a gidan biki zai ture ne.

A cikin kwanakin nan ne Hajiya ta faɗi wata magana da ta sauke mini nauyi. Ina ba ta labarin zogalen, ta ce, "Wai ke da kike cewa ba ya cin ganye, kukar da yake sha da tuwo kullum mece ce?" Na yi shiru. Kuka ganye ce, busasshe aka daka. Kuɓewa busasshiya da yake sha ita ma kayan lambu ce. Tumatir da albasa da tattasan jar miya haka. Wake yana ci a alala da ƙosai, yana shan mangwaro da gwanda da kankana in lokacinsu ya zo. Ashe yaron da nake kwana ina tunanin zai lalace bai taɓa yin yini babu ganye a cikinsa ba. Abin da yake gudu shi ne ganyen da ake gani, mai zare-zare, mai maƙalewa a harshe.

Wannan ya nuna mini yadda zan shiga alayyahu, wanda ya fi karas wuya nesa ba kusa ba. Na lura da bakinsa ranar da ya gwada: ba ɗanɗanon ne ya fara damunsa ba, dogon zaren ne ya naɗe masa a harshe har ya yi yunƙurin amai. Sai na daina sa jijiyar, ganyen zalla nake tsinkewa, in wanke shi da ruwan gishiri sau biyu saboda ƙasa, in yanka ƙanana sosai kamar na dambu. Ina zuba shi a ƙarshen girki, minti 5 ya isa, yana nan kore shar. In ya daɗe a wuta yakan yi baƙi, ya yi wari, amfaninsa ma ya ragu. Hanyar da ta karɓu ita ce miyar taushe mai kabewa da gyaɗa, domin zaƙin kabewa da maiƙon gyaɗa suna rufe ɗacin. Na fara da ɗiga masa cokalin shayi ɗaya a gefen tuwonsa, miyar kukarsa tana ɗaya gefen. Wannan sai da muka yi sau 17, kusan wata biyu.

Abu biyu sun taimaka a nan waɗanda ba ni na ƙirƙiro su ba. Ɗaya, aiki. In ina gyaran alayyahu sai in ba shi reshe biyu da roba ya tsinke, in ba shi ruwa ya wanke. Yana jiƙa rigarsa, yana ɓata mini minti biyar, amma ganyen da ya tsinka da hannunsa yakan leƙa tukunya ya nema. Na biyu, 'ya'yan yayan babansu da suke zuwa gidan Hajiya ranar Juma'a. Tire ɗaya ake zuba musu dambu da zogale, su biyar, kowa yana kai hannu kada a cinye a bar shi. Abin da na yi wata biyu ina lallaɓawa, a cikin 'yan'uwansa ya kai loma uku ba wanda ya ce masa ci. Babansu ma sai da na roƙe shi ya daina ture kabejin da ake yanka masa a kan gurasa, domin yaron yana kallon farantin ubansa fiye da nawa.

Ba kullum nake iyawa ba, kuma ba na so wata uwa ta karanta wannan ta ɗauka sai mai lokaci. Akwai makon jarrabawa da nake dawowa da tulin takardu, akwai daren da jaririya ba ta barin kowa ya runtsa. A irin waɗannan ranaku ba na kunna wuta don sanda biyu na karas. In akwai kokwamba sai in fere in yanka siriri in ajiye masa yanka biyu, minti ɗaya ne. In babu, in bar shi, kalanda ta zauna ba layi. Sau 3 ko 4 a mako ya wadatar. Wuta ba ta zama balle in ce zan dafa na mako in sa a firji, don haka da damina, lokacin da zogale ya yi yawa, nakan shanya shi a inuwa a cikin ɗaki, ba a rana ba, in ya bushe in daka in zuba a kwalba. Rabin cokalin shayi a miyar kuka ba ya canza mata kama, kuma a gabansa nake zubawa. Zaman cin ma na daina jan sa. In an yi minti 20 zuwa 30 na ɗauke faranti, ko ya ci ko bai ci ba, sai lokaci na gaba. Waya kuma ba ta zuwa tabarma, domin yaron da ake tura wa loma yana kallon waya bai san me ya ci ba, gobe in an kashe ta kamar bai taɓa gani ba ne.

Duk wannan haƙurin na yaron da yake da lafiya ne, shi ya sa awo ya zo farko. Ma'aikaciyar ta lissafa mini alamomin da in na gani ba kalanda zan duba ba, asibiti zan koma. In nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa a katin awo wata biyu ko uku a jere. In tef ɗin damtse ya sauka ƙasa da santimita 12.5, wato ya shiga ruwan ɗorawa, ƙasa da 11.5 kuwa ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. In ƙafafu biyu sun kumbura. In tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, ko yana cin ƙasa, ko yana saurin gajiya, alamun ƙarancin jini. In yana laluben hanya da magariba, wato dundumi, wanda rashin bitamin A ke kawowa. Haka nan yaron da yake ƙwarewa ko amai kusan duk cin abinci, ko wanda abincin da yake yarda da shi 'yan ƙalilan ne kuma kullum raguwa suke yi, har ba ya iya zama kusa da abin da ba ya so. Wannan ba gudun ganye ba ne irin na kowane yaro, yana buƙatar likita ya duba. Ta kuma tuna mini ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 har su kai shekara 5, duk bayan wata 6, da maganin tsutsar ciki daga shekara 1. Na duba katinsa na ga an kusa shekara ba a ba shi ba, a ranar aka ɗiga masa.

Yanzu yana da shekara 3 da rabi. Yana cin karas, dafaffe da wanda aka goga a magogi, yana cin kokwamba, yana shan miyar taushe, dambu da zogale kuma sai in da 'yan'uwansa. Kabeji wata rana ya ci, wata rana ya tsince. Wancan watan na kai shi awo, kilo 14 da rabi. Rama har yau bai yarda da ita ba, tsaminta yake gudu ko na tafasa na zubar da ruwan farko. Jiya da la'asar na kwaɗa ta da ƙuli na sa masa cokalin shayi ɗaya kusa da dankalinsa. Ya shinshina, ya ɗauka da yatsa biyu ya ajiye a murfinsa, ya ce, "Umma, wannan taki ce." Na ce to, na ɗauka na ci. Da na shiga kicin na ja layi na 6.